Ra'in bayan mulkin mallaka a maƙalar ɗalibi: inda labari ke karɓarsa da inda ake cusa masa

A sassan nazarin adabi na jami'o'in Ngaundare da Marwa da Injamena, da wuya ɗalibi ya kai shekara ta uku bai haɗu da tambaya irin wannan ba: a ɗauki ƙagaggen labari guda, a nazarce shi bisa ra'in bayan mulkin mallaka. Ɗalibai da yawa sun haddace sunayen masana, sun kuma karanta littafin, amma takarda ta dawo da maki takwas ko tara cikin ashirin, malam ya ja layi a gefe ya rubuta cewa an tilasta wa labarin faɗin abin da bai faɗa ba. Ruɗanin yana da dalili. Malam ne ya ce a yi amfani da ra'in, shi ne kuma ya rage maki saboda an yi amfani da shi. To ina iyakar?

## Abin da kalmar take nufi

Kalmar "bayan" ce ke fara ɓatar da mutane. Kamaru ta sami 'yanci ranar 1 ga Janairu 1960, Cadi kuma ranar 11 ga Agusta na shekarar, sai ɗalibi ya ɗauka duk littafin da aka buga daga lokacin ya shiga wannan ra'i kai tsaye. Masu ra'in ba kalanda suke dubawa ba. Suna tambaya ne a kan dangantakar iko da mulkin mallaka ya kafa, da sawun da ya bari a harshe da makaranta da doka da yadda mutum ke kallon kansa. Shi ya sa littafin da aka rubuta tun Faransawa na nan zai iya karɓar wannan nazari sosai, wanda aka buga bara kuma ya ƙi karɓarsa.

Tunani uku ne suka fi yawo a takardun ɗalibai. Na farko na Edward Said ne, wanda a 1978 ya nuna yadda rubuce-rubucen Turai suka zana Gabas a matsayin kishiyar Turai, zanen da ya sauƙaƙa mulkarta. Na biyu na Gayatri Spivak ne, a maƙalarta ta 1988, inda ta tambaya ko na can ƙasa, musamman mace, za a iya jin maganarta ba tare da wani ya yi magana a madadinta ba. Na uku na Homi Bhabha ne, a littafinsa na 1994, kan kwaikwayo: mai mulki yana son wanda yake mulka ya yi kama da shi, amma kada kamar ta cika, kuma wannan ɗan gibin da ya rage yakan zama barazana ga mai mulkin kansa. Kafin su duka akwai Frantz Fanon, wanda tun 1952 ya yi rubutu da Faransanci kan abin da harshen mai mulki ke yi wa zuciyar baƙar fata.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan an gina shi ne a kan wani wuri da wani zamani. Said ya fi duban rubutun Ingilishi da Faransa kan ƙasashen Larabawa. Spivak ta kafa hujjarta a kan Indiya da hana ƙona matan da mazajensu suka mutu da Ingilishi suka yi a 1829. Ɗalibin da ya ɗauko su zuwa Marwa ko Abece yana da nauyin nuna cewa sun dace da wurin, domin ba su zo da takardar shaidar dacewa ba.

## Daga ina tilastawar ke fitowa

Yawanci daga jerin aikin take fitowa. Ɗalibi yana fara wa da ra'i, ya rubuta shafi biyu kan Said da Bhabha, sannan ya buɗe labarin yana farautar jumlolin da za su tabbatar da abin da ya riga ya rubuta. Wanda ya shiga daji da niyyar ganin kura, kowane kututture kura ne. Duk tauraron da ya sa kwat ya zama mai kwaikwayo, duk macen da ta yi shiru ta zama wadda aka hana murya, ko da shafi na gaba ya nuna tana shirin abin da zai birkita gidan.

Akwai kuma dalilin da ya shafi yankinmu. Ra'in ya girma ne a jami'o'in masu Ingilishi, ya iso duniyar masu Faransanci a makare, kuma littattafan asali suna da tsada da wahalar samu. Abin da ke hannun ɗalibi sau da yawa taƙaitaccen bayani ne da aka kwafa daga hannu zuwa hannu. Taƙaitawa tana ɗauko sakamakon masani ta bar hanyar da ya bi, alhali hanyar ce abin koyi. Said bai tashi kawai ya ce labarin Jane Austen na 1814 yana da alaƙa da mulkin mallaka ba. A littafinsa na 1993 ya bi ambaton wata gona a tsibirin Antigua, wanda Ingila ke mulka a lokacin, da ke cikin labarin, wurare 'yan kaɗan, ya nuna cewa natsuwar gidan Ingila da labarin ke yabo tana tsaye ne a kan kuɗin wannan gona. Yana da abin nunawa da yatsa a shafi.

## Littafin da ƙofarsa ke buɗe

A ɗauki *Une vie de boy* na Ferdinand Oyono, wanda ya fito a 1956, littafin da kusan duk wanda ya bi makarantar Faransanci a Kamaru ya ji sunansa. Toundi yaro ne da ya gudu daga gidan ubansa ya bi Fada Gilbert, aka raɗa masa Joseph, ya koyi karatu da rubutu. Bayan mutuwar fadan ya zama boyin Kwamanda, Baturen mulki, a garin Dangan, ya ga abin da bai kamata boyi ya gani ba tsakanin matar Kwamanda da shugaban gidan yari, aka ɗora masa laifin da ba nasa ba, aka azabtar da shi, ya tsere ya mutu a ƙasar Gini da Sifaniya ke mulka a lokacin.

A nan babu mai gardamar cewa ra'in ya dace. Amma ana iya tilastawa ko a nan, kuma ta hanyar da ta fi wuyar ganewa. A ce ɗalibi ya rubuta: Toundi misali ne na kwaikwayo a ma'anar Bhabha, domin ya bar al'adarsa ya rungumi ta Turawa, wannan kuma ya nuna yadda mulkin mallaka ya rusa asalin ɗan Afirka. Jumlar ba ƙarya ba ce ƙarara. Matsalarta ita ce a cire sunan Toundi a sa na wani tauraro daga littattafai ashirin na wancan zamani, za ta tsaya daram. Ba ta faɗi komai da sai wanda ya karanta Oyono zai sani ba.

Hanya ta biyu tana farawa daga wuri guda a littafin. Lokacin da aka ce zai zama boyin Kwamanda, Toundi ya rubuta da alfahari a littafin da yake ajiye labarin rayuwarsa cewa karen sarki shi ne sarkin karnuka. Ɗalibi mai lura zai tsaya a nan. Yaron ya ɗaukaka kansa a kan sauran baƙaƙe, amma da kalmar da ta mai da shi kare. Ya san abin da ya faɗa? Ko marubucin ne ke magana da mai karatu ta bayan kan yaron? Daga nan sai a tafi wurin da Toundi ya ga Kwamanda yana wanka, ya gano ba a yi masa kaciya ba, tsoron da yake ji ya zube. Ma'aunin da ya auna Kwamanda da shi a wannan lokaci na garinsu ne, ba na mishan ba. Wato al'adar da aka ce ya bari tana nan cikin idonsa, da ita ma ya rage wa mai mulki girma.

Yanzu ne lokacin kiran Bhabha, kuma an kira shi ne don ya yi aiki. Tunaninsa yana bayyana dalilin da ya sa boyin da ya iya Faransanci, yake shiga ɗakin kwana, ya zama haɗari ga iyayen gidansa. Amma wurin wankan ya nuna wani abu da ya ɗan saɓa: abin da ya sa Toundi ya zama barazana ya fi alaƙa da abin da ya gani fiye da kamar da ya yi da su. Ɗalibin da ya rubuta cewa a wannan labari ido ya fi kwaikwayo haɗari ga masu mulki ya sami jigon maƙala da za a iya karewa, za a iya kuma musantawa. Abin da malam ke nema ke nan.

Akwai abubuwa biyu a littafin da maƙalar da aka tilasta kan tsallake. Ɗaya shi ne dalilin gudun Toundi daga gida: dukan ubansa, da kwaɗayin sukarin da fada ke jefa wa yara. Labarin bai zana ƙauyen a matsayin aljannar da Bature ya zo ya ɓata ba, kuma ɗalibin da ya ɓoye wannan don hujjarsa ta miƙe ya yi wa littafin ƙarya. Na biyu shi ne zubin labarin. Mai gabatarwa ya ce littattafan rubutu biyu na Toundi da harshen Ewondo aka rubuta su, shi ne ya mayar da su Faransanci. Ke nan muryar da muke ji ta riga ta bi ta hannun wani. Tambayar Spivak tana nan zaune a tsarin littafin tun shafukan farko, ba sai an ɗauko ta daga waje ba.

## Littafin Marwa, inda aka fi cusawa

Gwaji mafi tsanani yana zuwa ne da littafin da ya fi kusa da gida. *Les impatientes* na Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa, ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandaren Faransa a 2020. Mata uku ne ke ba da labari: Ramla da aka raba da wanda take so aka aurar ga attajiri, Hindou da aka ɗaura wa ɗan'uwanta mai duka, da Safira uwargidan da aka yi wa kishiya da Ramla. Kalmar da ke bin su ko'ina ita ce *munyal*, haƙuri da Fulatanci. Mai karatu Bahaushe a Marwa ko Garwa ba ya buƙatar a fassara masa nauyinta, domin nasihar da ake yi wa amarya a unguwarsa ke nan.

A ce ɗaliba ta rubuta cewa mijin Hindou yana wakiltar Faransa, ita kuma Hindou tana wakiltar Kamaru, auren dole kuma shi ne mulkin mallaka. Irin wannan karatu yana da daɗin rubutawa, amma babu abin da ke riƙe da shi a shafi. Ikon da ke danne waɗannan mata na uba ne da baffa da miji, da dukiya, da wata fahimtar addini da mutunci da dangi suka ɗora. Tarihin yankin ma bai goyi bayan a jingina shi duka ga Turawa ba. Masarautun lamidai sun kafu ne bayan jihadin Modibbo Adama a farkon ƙarni na 19, Jamusawa ba su ci Marwa da yaƙi ba sai 1902, kuma su da Faransawan da suka gaje su sun yi mulkin arewa ne ta hannun lamidan da suka tarar. Ɗalibar da ta mai da kowane zalunci na cikin gida inuwar Faransa ta wanke mazan labarin daga laifin da marubuciyar ta ɗora musu, ta kuma sake hana matan murya da sunan kare su.

Wannan bai rufe ƙofa ba. Ra'in yana da wurin shiga, sai dai ƙofar ƙarama ce, kuma dole a faɗi ƙanƙantarta. Ramla ɗalibar boko ce mai burin zama mai harhaɗa magunguna, kuma mafarkin kuɓutarta ya bi ta makarantar da Faransawa suka kafa tsarinta. Ana iya tambaya me ya sa hanyar fita a labarin ta ɗauki wannan siffa. Ana iya kuma duban harshe: me ya sa aka bar *munyal* da Fulatanci a cikin Faransanci, me ake rasawa da an fassara ta? Mafi ƙarfi shi ne tafiyar littafin kansa. Ya fara fitowa a Yawunde a 2017 da suna mai ɗauke da kalmar *munyal*, sannan aka sake fito da shi a Faransa a 2020 da sabon suna na Faransanci zalla. Wanda ya sami bugu biyun zai iya ajiye babi guda gefe da gefe, ya ƙirga abin da ya canza, ya tambayi wane mai karatu kowane bugu ke kallo. Wannan nazarin bayan mulkin mallaka ne na gaskiya, kuma hujjarsa tana kan takarda.

Ko a nan akwai rami. Spivak ta yi gargaɗi kan labarin da Turawa ke son ji, na cewa su ne masu ceton matan wasu ƙasashe daga mazansu. Ɗalibi zai iya amfani da wannan ya tambayi dalilin karɓuwar littafin a Faransa. Amma idan ya zarce ya ce an rubuta littafin ne don faranta wa Turawa, ya wuce abin da zai iya tabbatarwa, ya kuma manta cewa a Kamaru aka fara buga shi.

## Inda masana suka saɓa

Gardamar ba ta ɗalibai kaɗai ba ce. A 1986 Fredric Jameson ya yi iƙirarin cewa labaran ƙasashen da aka mallaka dole a karanta su a matsayin misalin halin ƙasa, wato rayuwar tauraro hoton rayuwar al'ummarsa ce. Aijaz Ahmad ya mayar masa da martani a shekarar da ta biyo, cewa wannan ya dunƙule adabin nahiyoyi uku ya mai da shi abu ɗaya, ya kuma ayyana mutane da abin da aka yi musu kawai. Ɗalibar da ta mai da Hindou Kamaru tana bin sawun Jameson ko ba ta taɓa jin sunansa ba.

Masu goyon bayan faɗaɗa ra'in suna da hujja mai nauyi. Harshen da aka rubuta labarin da shi, makarantar da ta horar da marubuci, iyakar da ta raba Kusuri da Injamena duk da kogi ne kawai a tsakani, da birnin da ake raba kyaututtukan adabi, duk gadon mulkin mallaka ne. A wurinsu, nazarin da ya kau da kai daga wannan ya bar rabin gaskiya. Masu taƙaita shi kuma suna cewa idan komai ya zama sawun Turai, to Turai ta koma tsakiyar labarinmu ta ƙofar baya, kuma an binne tarihin iko da bauta da ciniki da ya riga ta zuwa tafkin Cadi. Achille Mbembe, ɗan Kamaru, a littafinsa na 2000 ya karkata tambayar zuwa yadda masu mulkin Afirka da talakawansu ke zaman tare bayan 'yanci, abin da ya fi amfani ga labarin da ke magana kan gwamna ko ɗan sanda na yau.

Ga ɗalibin digirin farko, ba dole ya raba wannan gardama ba. Abin da ake bukata shi ne ya san a wane ɓangare maƙalarsa ta tsaya, ya kuma ba ɗaya ɓangaren sakin layi guda na adalci.

## Yadda aikin ke tafiya a takarda

A maƙala mai shafi biyar zuwa takwas, wurare uku ko huɗu daga littafin sun isa, kowanne bai wuce shafi ɗaya ko biyu ba. A zaɓe su kafin a buɗe littafin ra'i. A kowane wuri a rubuta abin da ake gani da kalmomin yau da kullum: wa ke magana, da wane harshe, wa ke kallon wa, wa aka ambata da suna, wa aka kira da aikinsa kawai. Idan bayan wannan babu abin da ya taɓo mulkin mallaka ko gadonsa, to littafin ya riga ya ba da amsa, kuma ya fi kyau a koma wurin malam a nemi canza littafi ko a taƙaita tambayar.

Masani ɗaya ya isa, da tunani ɗaya daga cikin nasa, a bayyana shi cikin jumla uku ko huɗu da bakin ɗalibi. Jera Said da Spivak da Bhabha da Fanon a gabatarwa yana cinye shafi, kuma su kansu ba su yarda da juna a kan komai ba. Sannan cikin wuraren da aka zaɓa a sa guda da ke yi wa ra'in gardama, kamar dukan uban Toundi, a faɗi abin da ya rage wa hujjar. Masu gyaran takarda sukan ga wannan a matsayin alamar an karanta littafin har ƙarshe.

Kafin miƙawa, akwai gwaji biyu masu sauƙi. A rufe sunan littafin da na taurari a kowane sakin layi, a ga ko zai dace da wani littafi dabam. Idan ya dace, ra'i ne ke magana shi kaɗai. Sannan a bi duk inda aka rubuta "yana wakiltar" ko "alama ce ta", a tambayi wace kalma a shafi ta ba da izinin faɗin haka. Inda babu, ko a cire jumlar, ko a sassauta ta zuwa abin da shafin zai iya ɗauka.

## Abin da wannan ke jawo wa ɗalibi

A tsarin makin cikin ashirin, bambancin tara da sha biyu shi ne bambancin sake zaman jarrabawa da wucewa, kuma ga ɗalibin da ke haya a Dang, unguwar jami'ar Ngaundare, nesa da iyayensa wannan kuɗi ne da lokaci. Hanyar farawa daga shafi tana da wani sauƙi ga wanda ba shi da halin sayen littattafan ra'i masu tsada: mafi yawan aikin yana cikin labarin da ke hannunsa, babi ɗaya na masani da aka karanta da kyau ya wadatar. Ɗalibin da ya tashi da Hausa da Fulatanci ko Larabcin Cadi yana kuma da abin da mai nazari daga nesa ba shi da shi, domin yana jin karin maganar gida da ke ƙarƙashin jumlar Faransanci, ya san abin da baffa ke nufi a gidan aure. Wannan sani hujja ce da za a iya sa wa a maƙala, muddin an ɗaure ta da kalmar da ke shafi. Da yawa daga cikin waɗannan ɗalibai za su wuce makarantar horar da malamai ta Marwa, su koma azuzuwan sakandare a Mokolo ko Yagwa ko Kusuri, inda littafin Oyono zai sake zuwa hannunsu, wannan karon su ne masu jan layi a gefen takarda.